Caja Ɗaya, Kati Uku: Wa Ke da Ikon Buɗe Sabon Suna a Manhajar Shago?

Kusan duk mai riƙe da wayar zamani ya taɓa buɗe jerin lambobinsa ya tarar da mutum ɗaya a wuri uku. An ajiye shi da sunansa na yanka a kan layi, an sake ajiye shi da laƙabinsa a cikin waya, sannan WhatsApp ya kawo na uku. A waya abin bai wuce ɗan ɓacin rai ba, kuma manhajar Google Contacts tana da wurin da take nuna sunayen da take zargin na mutum ɗaya ne domin a haɗe su. Amma idan irin wannan ya faru a manhajar da shago ko kamfani ke lissafin kaya da biyan kuɗi da ita, asarar kuɗi ce ke biyo baya. Ana sayo kayan da ke jibge a sito, ana sayar da wasu a tsohon farashi, wani lokaci kuma a biya mutum ɗaya sau biyu.

A Sakkwato, manyan shagunan sari na Babbar Kasuwa, da kantunan magani, da masu sayar da wayoyi da kayansu suna ta komawa manhajar lissafi, galibi kuma matasa ne ake miƙa wa wayar ko kwamfutar a ce su riƙa shigar da bayanai. Abin da ba a cika gaya musu ba shi ne cewa bayanan da ke cikin manhajar iri biyu ne. Akwai na hada-hadar yau da kullum, kamar rasit da takardar oda da shaidar biya, waɗanda ake rubutawa sau ɗaya su wuce. Akwai kuma bayanan tushe, wato katin kowane kaya da katin kowane mai kawo kaya, waɗanda dukkan hada-hadar ke jingina a kansu. A manyan manhajoji irin su SAP da Odoo da QuickBooks akan gan su a allo da sunaye kamar `Item Master` ko `Products`, da `Vendor Master` ko `Suppliers`. Kuskure a rasit ɗaya yana tsayawa a wannan rasit ɗin. Kuskure a kati kuwa yana bin duk rasit ɗin da za a buga daga wannan rana.

Yadda caja ɗaya ta zama uku

A ɗauki misalin wani shagon sarin kayan waya a cikin garin Sakkwato, mai yara huɗu, kowannensu na iya shiga manhajar, kuma kowa na da ikon danna maɓallin ƙara sabon kaya. Katan ɗin caja ya iso daga Kano, yaron farko ya buɗe mata kati da suna `Caja Type-C 20W`. Bayan mako biyu wani katan ɗin ya iso ranar da shi ba ya nan. Na biyu ya nemi `charger` a manhajar bai gani ba, sai ya buɗe `Charger 20W C`. Na uku kuma yana sauri, kwastoma na tsaye a kansa, ya rubuta `caja typ c 20w`. Babu wanda ya yi da mugun nufi. Kowa ya duba, bai ga abin da yake nema ba, ya yi abin da ya ga ya dace.

Yanzu a duba lissafin. Katin farko na nuna guda 12, na biyu 40, na uku 35. A kan kanta akwai caja 87, iri ɗaya, daga kamfani ɗaya. Mai shagon ya saita manhajar ta faɗakar da shi idan kaya suka yi ƙasa da 20, amma a katin farko kaɗai ya sa wannan saiti, domin shi kaɗai ya sani. Faɗakarwa ta zo, ya yi odar katan mai guda 100 a kan naira 4,000 kowace, ya kulle naira 400,000 a kayan da, idan yana sayar da 30 a mako, yana da na kusan mako uku a ajiye.

Asara ta biyu ta fi ɓuya. Da farashin sari ya tashi, ya gyara farashin sayarwa a katin farko zuwa naira 5,000. Katin na biyu ya zauna a tsohon farashinsa na 3,800. Duk yaron da ya zaɓi wannan kati wajen buga rasit ya sayar da ragin naira 1,200, kuma a kuɗin da bai isa ya sayo madadinta ba. Guda 40 da ke kansa sun tashi naira 48,000. Idan aka zo ƙidayar kaya a ƙarshen wata, sai a ga wani kati ya nuna adadi ƙasa da sifili, wani kuma ya nuna kayan da babu su, saboda ana karɓar kaya a kati ɗaya ana sayarwa daga wani. A nan ne zargi ke farawa, kuma sau da yawa yaron shago ake tuhuma da sata alhali ko caja ɗaya ba ta ɓata ba.

Alamomin da ke nuna akwai tagwayen kati a manhaja ba su da wahalar ganewa: kayan da adadinsu ya koma ƙasa da sifili, kayan da aka daɗe ba a sayar da ko ɗaya ba a manhaja alhali kullum ana ganin suna fita, da kwastomomin da ke cewa jiya an sayar musu a wani farashi daban.

Suna ba shaida ba ne

Tushen matsalar shi ne kwamfuta ba ta san ma'anar suna ba, haruffa kawai take kwatantawa. A ƙasar Hausa kuwa suna ɗaya yana da rubutu da yawa. Garin da kansa ana rubuta shi `Sokoto` ana rubuta shi `Sakkwato`. Sunan mutum ɗaya na iya zuwa a matsayin `Muhammad` ko `Mohammed` ko `Muh'd`, da `Alh.` a gaba ko babu, da `Nig. Ltd` ko `Ent.` a ƙarshe ko babu. Sai kuma haruffa masu lanƙwasa. A wurin kwamfuta `ƙ` da `k` haruffa biyu ne da babu abin da ya haɗa su, domin kowanne da lambarsa a tsarin Unicode: ta `k` ita ce `U+006B`, ta `ƙ` kuma `U+0199`. Yaron da ya sa allon rubutun Hausa a wayarsa zai rubuta `ƙarfe`, wanda bai sa ba ya rubuta `karfe`, manhajar kuma ta ɗauke su abu biyu. Ko tazara ɗaya da yatsa ya danna a ƙarshen suna, wadda ido ba ya gani, ta isa ta raba su a manhajoji da dama.

Saboda haka ake neman wata lamba da ba ta canzawa da hannun mai rubutu. Matasan Najeriya sun riga sun san wannan dabara ko da ba su kira ta da suna ba. BVN da aka ƙaddamar a 2014 lamba ce mai alƙaluma 11 da ke ɗaure duk asusun mutum a bankuna daban-daban ga mutum ɗaya, komai bambancin yadda aka rubuta sunansa. Katin kaya da katin mai kawo kaya ma irin wannan lamba suke bukata.

Ga kayan kamfani, lambar ita ce wadda ke ƙarƙashin zanen layukan nan da ake haskawa, mai alƙaluma 13 a mafi yawan kaya. Ƙungiyar GS1 ce ke raba waɗannan lambobi a duniya, kuma waɗanda aka karɓa ta reshenta na Najeriya suna farawa da 615. Wannan yana nuna inda aka yi rajistar lambar ne kawai, ba lallai inda aka ƙera kayan ba. Alƙalami na ƙarshe mai gadi ne. A lambar gwaji `6151234567891`, idan aka tara alƙaluman da ke gurbi na 1, 3, 5, 7, 9 da 11 za a samu 31. Na gurbi na 2, 4, 6, 8, 10 da 12 sun ba da 26, a ninka sau uku su zama 78. Jimilla 109, kuma abin da ya rage a kai 110 shi ne 1, wato alƙalamin ƙarshe. Idan mai shigarwa ya kuskure alƙalami ɗaya, lissafin ba zai fita ba, manhaja mai kyau kuma za ta ƙi karɓa. Da shagon cajar nan ya wajabta haska wannan lamba da kyamarar waya kafin a buɗe kowane sabon kati, da yaro na biyu ya haska sai katin farko ya fito masa.

Lambar tana da iyaka. Kayan jabu sukan kwafi lambar na asali, don haka lamba ɗaya na iya zuwa a kan kaya biyu masu bambancin inganci da farashi. Kayan da ake aunawa, kamar buhun albasa ko gero, ba su da ita sam, sai shagon ya ƙirƙiro tasa ya kuma kafa ƙa'idar rubuta suna, misali nau'in kaya, sai kamfani, sai girma, a jere ɗaya kullum. Katan yakan zo da lamba daban da ta guda ɗaya da ke cikinsa, kuma wanda ya buɗe wa katan kati daban ba tare da ya gaya wa manhajar cewa katan ɗaya guda 100 ne ba, ya ƙirƙiri tagwaye da hannunsa. Masu sayar da wayoyi kuma su lura cewa IMEI, wadda ake gani idan an danna `*#06#`, ta wayar guda ɗaya ce, ba ta samfurin ba. Samfurin waya kati ɗaya ne, IMEI kuwa ana rubuta ta a ƙarƙashinsa ga kowace waya da ta shigo.

Katin mai kawo kaya, inda kuɗi ke fita

Tagwayen katin kaya suna rikita lissafi, amma tagwayen katin mai kawo kaya kai tsaye suke fitar da kuɗi. Manhajojin lissafi da yawa suna da kariya daga biyan takarda ɗaya sau biyu: idan aka shigar da takardar neman biya, sai su duba ko wannan mai kawo kayan ya taɓa kawo takarda mai wannan lamba. Kariyar ta dogara ne kacokan a kan cewa mutumin kati ɗaya gare shi.

A shagon nan, dilan da ke Kano yana da kati biyu, ɗaya da sunan kamfaninsa, ɗaya da sunan da aka san shi da shi a kasuwa. Ya aiko kaya da takarda mai lamba 0457 ta naira 840,000. Direba ya kawo takardar hannu, mai kula da sito ya shigar da ita a katin farko. Dilan kuma ya turo hotonta ta WhatsApp, akanta ya shigar a na biyu. A wurin manhajar, mutum biyu ne suka kawo takardu biyu da lambarsu ta zo ɗaya, abin da ke faruwa kullum tunda dilolin da yawa littafin rasit iri ɗaya suke saya. Ba ta ce komai ba. An biya ta farko ranar Litinin, ta biyu bayan kwana goma. Idan dilan mai amana ne zai kira ya mayar, idan kuma shi ma littafinsa a rikice yake, naira 840,000 na iya kwana a can har sai ranar da aka zauna aka daidaita lissafi tsakanin ɓangarorin biyu.

Lambobin da ke bambance masu kawo kaya a Najeriya sanannu ne. Akwai lambar rajista ta hukumar CAC, wadda ke farawa da `RC` ga kamfani, `BN` kuma ga sunan kasuwanci, kuma a rubuta ta tare da waɗannan haruffa domin kada lambar kamfani ta rikice da ta sunan kasuwanci. Kowa na iya duba sunan da ke kan lamba a shafin hukumar daga wayarsa. Akwai lambar biyan haraji ta TIN. Sai lambar asusun banki mai alƙaluma 10 ta tsarin NUBAN, wadda sai an haɗa ta da sunan banki take zama shaida, domin lamba ɗaya na iya kasancewa a bankuna biyu. Ƙananan 'yan kasuwa da yawa ba su da rajista, don haka a wurinsu asusun banki da lambar waya su ne abin kwatantawa. Duk lokacin da kati biyu masu suna daban suka zo da asusu ɗaya, ko dai mutum ɗaya ne, ko kuma akwai abin da ya kamata mai shago ya tambaya. Haka nan idan asusun wani mai kawo kaya ya zo daidai da na ma'aikacin shagon.

Wa ke nema, wa ke buɗewa, wa ke amincewa

Lamba ita kaɗai ba ta isa ba idan kowa na iya buɗe kati ya bar gurbinta fanko. Shi ya sa tsarin ya fi karkata ga tambayar waye ke da iko a kan me. Manyan kamfanoni sukan raba aikin gida uku, kuma shago mai mutum biyar ma zai iya. Wanda ya ga bukatar sabon kati, misali mai kula da sito da sabon kaya ya iso hannunsa, nema kawai yake yi: ya turo hoton kayan da lambarsa da takardar dila. Mutum ɗaya tak, da mataimaki ɗaya saboda ranar da ba ya nan, shi ke da maɓallin buɗewa, kuma aikinsa na farko bincike ne, da lamba tukuna, sannan da guntun suna kamar `20W` maimakon cikakken suna. Na uku, mai shago ko manaja, shi ke amincewa kafin katin ya fara aiki. Bankuna sun daɗe a kan wannan hanya, inda wani ke shigar da biya wani daban ya sa hannu.

Dokar da ba a sassauta ta ita ce wanda ke biyan kuɗi kada ya zama shi ke buɗe katin mai kawo kaya ko canza lambar asusunsa. Mutumin da ke riƙe da duka biyun zai iya buɗe kati da sunan da babu shi, ya sa asusunsa, ya shigar da takarda, ya biya kansa. Zai kuma iya canza asusun dila na gaskiya na awa ɗaya, ya tura kuɗi, ya mayar da tsohuwar lambar. Raba ikon ba zargin akanta ba ne. Kariya ce gare shi, domin ranar da kuɗi suka ɓata tarihin manhajar zai nuna ba shi da hanyar taɓa wannan gurbi. Wannan tarihi kuma ba shi da amfani idan yara huɗu suna shiga da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, al'adar da ta yi yawa a shaguna. Kowa da nasa mashigin, in ba haka ba manhajar za ta rubuta cewa `admin` ne ya yi canjin, wato kowa da kowa.

Ba kowane gurbi ne ke bukatar tsauri ɗaya ba. Gyara adireshin dila ko hoton kaya abu ne da mai riƙe da katunan zai yi shi kaɗai. Farashin sayarwa da ma'aunin kaya suna bukatar amincewar mai shago. Lambar asusun banki ita ce mafi haɗari, kuma hanyar damfarar da ke bi ta kanta sananniya ce: saƙo ya shigo da hoton dila da sunansa, yana cewa asusunsa ya samu matsala, a tura kuɗin wannan karon a sabo. Ƙa'idar ita ce a kira shi a tsohuwar lambar da ke cikin katin, ba wadda ta zo da saƙon ba, a ji muryarsa. Sannan a shigar da sabuwar lambar a manhajar banki a ga sunan da zai fito kafin a tura ko kobo. Idan sunan wani mutum ne daban da na katin, a tsaya. Girman kamfani ba ya kare shi daga wannan. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lituweniya, Evaldas Rimasauskas, ya yi rajistar kamfani mai suna irin na Quanta Computer ta Taiwan, wadda ke yi wa Google da Facebook aikin na'urori, ya riƙa aika musu takardun neman biya na bogi, suka tura masa sama da dala miliyan 100. Wata kotu a New York ta yanke masa ɗaurin shekara biyar a 2019.

Akwai ƙorafi ɗaya na gaskiya a kan wannan tsari, wato jinkiri. Kwastoma na tsaye, kayan ba su da kati, mai buɗewa ya tafi sallah. Idan buɗe kati na ɗaukar kwana biyu, yara za su nemo hanyar zagayawa, mafi yawa ta wani kati mai suna `Others` da ake zuba komai a ciki, wanda ya fi tagwaye ɓarna domin babu mai iya sanin me aka sayar. Maganin shi ne a buɗe kati lokacin yin oda, tun kayan na hanya, sannan a ƙayyade lokaci, misali duk buƙatar da ta zo kafin azahar a gama ta a ranar.

Ga masu aiki da Google Sheets

Shaguna da yawa ba su kai ga sayen manhaja ba, jadawali suke amfani da shi, kuma mafi yawan abin da aka faɗa yana yiwuwa a can. Idan lambar kaya tana layin B, wannan zai nuna `TRUE` a gaban duk wadda ta maimaitu:

```
=COUNTIF(B:B,B2)>1
```

Domin hana shigar tagwaye tun farko, a sa wannan a `Data validation` a matsayin ƙa'ida, a zaɓi `Reject the input`:

```
=COUNTIF(B:B,B2)=1
```

Kafin kwatanta sunaye kuma, a wanke su a wani layi na gefe, a cire tazarar banza, a mayar da haruffa ƙanana, a daidaita masu lanƙwasa:

```
=SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(LOWER(TRIM(A2)),"ƙ","k"),"ɗ","d"),"ɓ","b")
```

Wani tarko da ke kama mutane shi ne lambar asusu ko ta waya da ta fara da sifili. Jadawali na ɗaukarta adadi ya jefar da sifilin, alƙaluma 10 su koma 9. A mayar da layin `Plain text` kafin a fara shigarwa. Kulle shafin katuna ta yadda mutum biyu kaɗai za su iya gyara shi yana ƙarƙashin `Protect sheets and ranges`, kuma a kwamfuta ake saita shi, daga nan ya yi aiki a wayar kowa.

Matasan da ke rubuta wa shaguna manhaja da kansu su sa kariyar a cikin rumbun bayanan, kada su bar ta a fuskar manhaja kawai:

```sql
CREATE UNIQUE INDEX dila_rc ON diloli (lambar_rc);
```

Wannan umarni zai ƙi aiki idan akwai tagwaye a ciki tun da farko, sai an share su. Kuma a PostgreSQL da MySQL da SQLite, gurbin da aka bari `NULL` ba ya karo da wani `NULL`, don haka dilolin da ba su da rajista za su iya shiga sau goma. Su sai an kafa musu wata kariyar a kan banki da lambar asusu haɗe.

Share tagwayen da suka riga suka shiga

Wanda ya gano kati uku na caja ɗaya, abin da zai fara zuwa masa shi ne ya goge biyu. Kada ya yi. Tsofaffin rasit suna jingine da waɗannan katuna, kuma goge su na barin rasit marasa kaya, ko ya ɓata rahoton ribar watannin baya. Ana zaɓar kati ɗaya da zai rayu, galibi wanda ya fi yawan hada-hada ko ya fi cikar bayani. A ƙirga kayan da hannu, a mayar da adadin na biyun sifili, a sa 87 ɗin a kan wanda aka zaɓa. Sannan a rufe sauran ta yadda ba za su fito wajen buga rasit ba, a rubuta a jikinsu lambar katin da ya gaje su. Ga mai kawo kaya, sai an nemi dilan ya turo nasa lissafin an kwatanta da jimillar katunan biyu, kuma a nan ne takarda irin ta 0457 ke fitowa fili. Wasu manhajoji suna da hanyar haɗe kati biyu kai tsaye, amma a QuickBooks, misali, haɗewar ba ta warwaruwa, don haka a ajiye kwafin bayanai kafin a taɓa.

Wannan aiki ya fi girma idan kamfanoni suka haɗe. Masana'antar siminti ta Kalambaina a gefen Sakkwato, wadda aka kafa a 1962 da sunan CCNN, ta haɗe da kamfanin Kalambaina Cement a 2018, daga baya kuma da Obu Cement na jihar Edo, abin da ya haifar da BUA Cement da aka sa a kasuwar hannun jari a Janairun 2020. A duk haɗewa irin wannan, kowane ɓangare yakan zo da nasa jerin kayan gyara da na 'yan kwangila, da nasa salon lamba, kuma dole wani ya zauna ya tantance wanne ne ɗaya wanne ne daban.

A nan ne kuskure na biyu yake, wato haɗe abubuwan da suka yi kama alhali ba ɗaya ba ne. Boris mai lamba `6205` yana da rami milimita 25, faɗin waje 52, kauri 15. `6205-2RS` da `6205-ZZ` duk girmansu ke nan, kuma manhajar da ke neman kamannin suna za ta kawo su a matsayin tagwaye. Amma na farko murfin roba gare shi a gefe biyu, na biyu kuma murfin ƙarfe, kuma a wuri mai ƙura kamar masana'antar siminti, ko injin niƙa a lokacin hunturun Sakkwato, na roban ne ya fi hana ƙura shiga. Haka abin yake a shagon waya, inda `128GB` da `256GB` na samfuri ɗaya suka bambanta da 'yan haruffa a allo amma da dubban nairori a farashi. Manhaja za ta iya jero waɗanda take zargi, amma hukuncin haɗewa na wanda ya san kayan ne: makaniki ga boris, mai harhaɗa magunguna ga ƙwayar da ta zo a miligiram 250 da 500, mai kula da sito ga caja, bayan ya ɗauko guda daga kowane katan ya haska lambarsu.